Yadda biya ɗaya ke komawa biyu

A ce wata mata ta zaɓi shadda ta naira 25,000 a shagon intanet, ta danna maɓallin biya. Nan take kwamfutar shagon ta aika wa kamfanin da ke karɓar kuɗi a madadinsa umarnin a cire kuɗin daga katinta. Kamfanin ya cire, ya turo amsa. Sai sabis ya katse a hanya, amsar ba ta iso ba.

Kwamfutar shagon ta jira, ta ji shiru, kuma shirun nan ma'ana biyu gare shi. Ko dai umarnin bai isa ba, ko kuwa ya isa an cire kuɗin, amsar ce ta ɓace. Kamar ka aiki yaro ya kai kuɗin adashe ne, magariba ta yi bai dawo ba: ba ka san ko ya kai ko bai kai ba. In kwamfutar ta haƙura, wataƙila ciniki ya lalace. In ta sake turawa, wataƙila an cire 50,000.

Maganin da aka samo shi ne a bar ta ta maimaita, amma maimaicin ya zama ba ya cutarwa. Kafin ta tura umarnin farko, manhajar shagon takan ƙirƙiro wata doguwar lamba ta wannan cinikin kaɗai, ta liƙa a jikin saƙon. A tsarin kamfanin Stripe, sunan gurbin da ake saka ta `Idempotency-Key`. Kamfanin yakan adana lambar tare da amsar da ya bayar. In saƙo ya sake zuwa da lambar, ba ya taɓa katin, tsohuwar amsar kawai yake maidowa. In kuwa lambar ɗaya ce amma kuɗin ya bambanta, sai ya ƙi karɓa. A Paystack, wanda Stripe ya saya a 2020, lambar ciniki da ake kira `reference` na yin makamancin wannan tsaron, don ba a buɗe ciniki biyu da lamba ɗaya.

Inda masu rubuta manhaja ke yawan tuntuɓe shi ne ƙirƙiro sabuwar lamba a kowane gwaji. To ai an yi ba a yi ba ke nan, domin kamfanin zai ɗauka sabon ciniki ne. Lambar ta oda ce, a ajiye ta tun kafin a tura. Kuma ba ta dawwama: Stripe na iya share ta bayan awa 24.

Ɗaya ɓarakar daga can ɓangaren take fitowa. In biya ya tabbata, kamfanin da kansa yake aiko wa kwamfutar shagon sanarwa, wadda ake kira webhuk. Ta Paystack tana zuwa da suna `charge.success`, kuɗin kuma a kwabo, wato 2500000. Shagon zai amsa da lambar `200`, alamar saƙo ya iso. In ya yi nawa wajen amsawa, a ce ya tsaya tura rasit ta imel tukuna, kamfanin zai ɗauka bai ji ba, ya sake aikowa. Stripe kan yi ta maimaitawa har kwana 3. Wannan ba laifi ba ne, da gangan aka tsara shi haka, don gara a ji sau biyu da a rasa ji. Amma shagon da ke rubuta duk sanarwar da ta shigo zai aika wa matar shadda biyu a kuɗin ɗaya. A nan mai shago ne ke asara.

Wani zai ce ai sai a duba rumbun bayanai, in ba a ga lambar ba sannan a rubuta. Wannan na aiki har ranar da sanarwa biyu suka faɗo a daƙiƙa guda: kowace ta duba ba ta ga komai ba, kowace ta rubuta. Shi ya sa ake ɗora wa rumbun kansa alhakin, a sa wa gurbin lambar ƙa'idar `UNIQUE`, sannan a rubuta haka a PostgreSQL:

```sql
INSERT INTO biya (reference, kwabo)
VALUES ('oda-4471', 2500000)
ON CONFLICT (reference) DO NOTHING;
```

Ta farko ta shiga, ta biyu ta wuce ba ta bar komai ba. Sai layi ya shiga da gaske ake ba da umarnin fitar da kaya. Ita ma ta biyun a amsa mata da `200`, in ba haka ba kamfanin ba zai daina aikowa ba.

Mai shago na iya gane wacce ce ta same shi in ya gwada littafinsa da na kamfanin. Layi biyu masu lamba ɗaya na nufin sau ɗaya aka biya, manhajarsa ce ta rubuta sau biyu. In lambobin daban ne a kan oda ɗaya, mai saye kuma ta nuna alat biyu na banki, to an cire mata sau biyu, sai a maida mata 25,000.