Yadda za ka sa haruffan Larabci a wayarka don rubuta ajami

A Damargu, daga Tanut har Belbeji, akwai mutane da yawa da suka yi karatun allo, suna karanta ajami sarai amma boko bai zauna musu ba. Shi ya sa saƙon kuɗin gero daga kasuwar Bakin Birji sau da yawa sai da murya. Alhali wayar da ke hannunsu tana iya rubuta ajami, in an gyara ta.

Mu ɗauki wayar Android mai Gboard, wadda ke da Faransanci. Ka buɗe wurin rubuta saƙo, ka taɓa alamar saiti da ke saman haruffa, ka shiga Langues, sannan Ajouter un clavier, ka zaɓi Arabe. Shi ke nan. Daga nan alamar duniya, ƴar ƙwallon nan, za ta fito kusa da dogon maɓallin tazara. Taɓa ta sau ɗaya, ka koma Larabci. Sake taɓawa, ka dawo boko. In ka sa harsuna uku ko huɗu, gara ka danne maɓallin tazara ka riƙe, sai jerin ya fito ka zaɓa. Shawararmu dai, biyu sun isa.

Kafin ka fara, shiga Correction du texte ka kashe Correction automatique. In ba haka ba, waya za ta ɗauka Larabci kake rubutawa, ta riƙa canza maka kalmomi.

To, inda aikin yake shi ne wasali. Balarabe yana iya barin sa, Bahaushe kuwa ba ya iyawa. Rubuta غدا haka tsirara: gida ne, ko guda, ko gada? Wanda ya san Larabci ma sai ya fahimci gobe. Ka ce a kawo buhu guda, wani ya karanta a kawo buhu gida, rigima ta tashi. Wasulan suna ɓoye ƙarƙashin maɓallin aya: danne shi ka riƙe, za ka ga wasalin bisa, na ƙasa, rufu'a da ɗauri. Sai ka samu غِدَا gida, غُدَا guda. Harafi ake fara sawa, wasali ya biyo.

Amma fa wannan tsari na Larabcin Gabas ne. Fa za ta zo da ɗigo a sama, ƙaf da ɗigo biyu, saɓanin rubutun Warshu da aka saba a allo, inda fa ke da ɗigo a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama. Wanda ya saba da allo zai iya karanta fa ɗinka a matsayin ƙaf, don haka ka gaya masa tun farko. Harafi kamar ڟ na tsa, in ba ka same shi ba, ka kwafo shi daga saƙon wani, ka maƙale shi a Presse-papiers, ka riƙa ɗaukowa duk sanda ka buƙata.