Yadda ake haskaka hoton da ya yi duhu a wayar salula

Masu amfani da manhajar Snapseed, wadda kamfanin Google ke bayarwa kyauta, suna iya gyara hoton da ya yi duhu cikin minti guda.

Bayan buɗe hoton, sai a shiga Tune Image, a ja yatsa sama ko ƙasa a zaɓi Shadows, sannan a ja dama. Wannan na haskaka wurare masu duhu, kamar fuskar mutumin da ya juya wa taga baya, ba tare da tagar ta ƙara fari ba.

Idan da sauran duhu, a ɗan ƙara Brightness. Da zarar ɗige-ɗige sun bayyana a fuska, an zarce, sai a rage.

A ƙarshe a ajiye kwafi, domin hoton asali ya tsira.