Gabatar da kai a Instagram: tsakanin kunya da neman kasuwa

"Yabon kai jahilci," in ji Hausawa. Wanda ya tashi da wannan tarbiyya yakan rasa abin faɗi idan aka ce ya gabatar da kansa a rubuce, domin a al'ada wasu ne ke yabon mutum.

A ɗauki misalin tela a Kano da ya buɗe shafi a Instagram, inda gurbin bayanin kai ba ya ɗaukar fiye da haruffa 150. Kunya takan sa ya rubuta "Bawan Allah, mai neman na halak" kawai. Magana ce mai kyau, amma mai neman ɗinkin Sallah bai san me ake ɗinkawa ba, sai ya wuce. Wani kuma yakan zarce ya ce "Sarkin teloli na Arewa", kirarin da babu mai iya tantancewa.

Mafita ita ce ya bar siffanta kansa, ya faɗi aikinsa: "Ɗinkin kaftani da babbar riga. Shekara 9 a sana'a. Fagge, Kano. Ana karɓar ɗinki cikin kwana 5." Babu fariya a nan, duk abin da ya faɗa ana iya bincikawa.

Sai dai kwana biyar ɗin alkawari ne. Idan ana gab da Sallah ɗinki na kai mako uku, gara ya gyara rubutun kafin kwastoma ya zo karɓa.