Kashi-kashi ko Cakuɗa: Wane Atisaye Ne Ya Fi Zama a Jiki?

A filin wasan makaranta, abin da ya fi faranta ran malamin motsa jiki shi ne ya ga ɗalibansa sun jeru suna buga ƙwallo iri ɗaya, kowa sau ashirin, har ta riƙa zuwa daidai inda ake so. Kafin a kaɗa ƙararrawa kusan kowa ya iya. Amma bayan mako guda, idan aka shiga wasa na sosai, sai a ga kamar ba su ne suka yi wancan atisaye ba. Malam ya ɗora laifin a kan rashin natsuwa, ɗalibai kuma su ce tsoro ne. Masana kimiyyar koyon motsin jiki suna da wata amsa dabam. A wurinsu, yadda mutum ke yi a lokacin atisaye abu ne guda, abin da ya zauna masa a jiki bayan kwanaki kuma wani abu ne, har ma akwai tsarin atisayen da ke gyara na farkon alhali yana tauye na biyun.

Alal misali, a ce akwai bugu iri uku da ake so ɗalibi ya koya, kuma lokacin da ke akwai na bugu 30 ne. Ana iya sa shi ya yi na farko sau 10 a jere, ya koma na biyu sau 10, ya ƙare da na uku. Wannan shi ne atisayen kashi-kashi. Ana kuma iya hautsina su, ya kasance bai san wanda za a nema ba sai an faɗa masa, kuma da wuya ya maimaita iri ɗaya sau biyu a jere. Wannan shi ne atisayen cakuɗa. Yawan bugun ɗaya ne, kowane iri sau 10. Jerin ne kawai ya bambanta.

Gwajin da ya tayar da maganar

A shekarar 1979, wasu masana biyu a Jami'ar Colorado ta ƙasar Amurka, John Shea da Robyn Morgan, suka gwada waɗannan tsare-tsare a kan ɗalibai 72. Aikin mai sauƙi ne. Da zarar fitila ta kama, sai mutum ya ɗauki ƙwallon tanis, ya ture ƙananan allunan katako uku daga cikin shida da ke gabansa bisa wani jeri da aka tsara, sannan ya ajiye ƙwallon a gurbinta, duk cikin iyakar saurinsa. Jerin iri uku ne, launin fitila ke nuna wanda za a bi. Kowa ya yi sau 54, wato kowane jeri sau 18. Rabin ɗaliban suka yi kashi-kashi, rabi suka yi a cakuɗe.

A lokacin atisayen, 'yan kashi-kashi ne a gaba. Da a nan aka tsaya, da an yanke hukuncin cewa tsarinsu ya fi. Sai dai an sake gwada su, wasu bayan minti 10, wasu bayan kwana 10, a nan ne kuma reshe ya juye da mujiya. 'Yan cakuɗa suka fi sauri, musamman da aka kawo jarrabawar ita ma a cakuɗe, inda 'yan kashi-kashi suka riƙa jinkiri ƙwarai. Dama William Battig, masanin halayyar ɗan Adam, ya riga ya lura da irin wannan wajen haddar kalmomi, cewa katsalandan da ayyuka ke yi wa juna lokacin koyo yakan ƙara wa abin da aka koya ƙarko.

Me ya sa haka? Bayanin da ya fi sauƙin fahimta shi ne na Timothy Lee da Richard Magill, wanda suka gabatar a shekarun 1980. A ɗauka malamin lissafi ya tambayi ɗalibi 17 sau 6. Yaron zai yi aiki a kansa kafin ya ce 102. In aka maimaita masa tambayar nan take, ba zai sake lissafin ba, amsar da ke bakinsa kawai zai faɗa. Amma in aka sa wasu tambayoyi biyu a tsakani, amsar za ta ɓace masa, dole ya sake lissafawa, kuma wannan sake lissafin shi ne koyon. Haka motsi yake. Kafin ƙafa ta taɓa ƙwallo, ƙwaƙwalwa takan tsara inda za a dasa ɗaya ƙafar, da ƙarfin bugun, da wurin da za a taɓa a jikin ƙwallon. A kashi-kashi sau ɗaya ake yin wannan shiri, sauran tara bin sawu ne. A cakuɗa kuwa kowane bugu sai an yi masa shirinsa, wanda kuma shi ne abin da wasa na gaske ke nema. Shea da abokan aikinsa sun ƙara da wani dalili, cewa wanda ke sauyawa daga wannan bugu zuwa wancan yana samun damar kwatanta su, don haka yake gane abin da ya raba su.

Daga ɗakin gwaji zuwa fili

Ture katako ba wasa ba ne, saboda haka sai da aka fita fili. A 1994, Kellie Hall da abokan aikinta suka yi gwaji da 'yan wasan bezbol 30 na wata kwaleji a Amurka. Bezbol wasa ne da ake jefo wa mutum ƙwallo da gudu ya make ta da gora. An ba rukuni biyu ƙarin atisaye sau biyu a mako har mako shida, kowane zama jifa 45: mai sauri 15, mai lanƙwasa 15, mai rage gudu don yaudara 15. Rukuni na uku bai samu ƙarin komai ba. A jarrabawar ƙarshe da aka yi a cakuɗe, 'yan cakuɗa sun ƙaru da kusan kashi 57 cikin 100, 'yan kashi-kashi da kusan 25, na ukun kuwa da kamar 6. Ya kamata a lura cewa waɗannan ƙwararru ne, kuma aikin nasu ya ƙunshi gane irin jifar kafin a make ta. Wanda ya san jifa 15 masu zuwa duk iri ɗaya ne, ba shi da wani abin ganewa.

Akwai kuma tarkon da ke kama ɗalibi da malaminsa tare. A 2001, Dominic Simon da Robert Bjork suka koya wa mutane danna maɓallai bisa jeri cikin ƙayyadadden lokaci, suka kuma nemi su yi hasashen yadda za su yi washegari. 'Yan kashi-kashi ne suka fi cika baki, su ne kuma suka fi kuskure da gari ya waye. Jin cewa an iya, a tsakiyar atisaye, ba shaida ce abar dogaro ba.

Duk da haka, kuskure ne a ɗauki cakuɗa a matsayin maganin kowace cuta. A 2004, Frank Brady ya tattara sakamakon bincike masu yawa, ya tarar cewa fifikon cakuɗa a filayen wasa bai wuce sulusin wanda ake gani a ɗakin gwaji ba, kuma ya fi rauni ga yara. Irin wannan nazari da aka sake yi a 2023 da 2024 shi ma ya nuna cewa a wasanni na zahiri ratar ƙarama ce, wani lokaci ma ba a ganin ta. A 2004 ɗin dai, Mark Guadagnoli da Timothy Lee suka ba da bayani mai ma'ana: koyo na bukatar wahala daidai ƙarfin mai koyo. Bugun da ya zama wasan yara ga gwani, kaya ne mai nauyi ga sabon shiga, in aka ɗora masa cakuɗa a kai sai ya rasa abin kamawa.

Yadda za a tsara darasi

A ce malami na son koya wa 'yan aji ɗaya na babbar sakandare miƙa ƙwallo iri uku: gajeren bugu a ƙasa da gefen ƙafa na ciki zuwa mita 10, bugu mai ƙarfi da saman ƙafa zuwa mita 20, da kuma ɗaga ƙwallo ta tsallake kan mutum. A kowane nisa a ajiye duwatsu biyu su zama ƙofa mai faɗin mita 2.

A darasin farko ko biyu, kashi-kashi ne ya dace, domin yaro na bukatar ya buga, ya ga inda ta tafi, ya gyara, ya sake bugawa. Da zarar kamannin bugun sun fito, ƙwallo kuma tana shiga ƙofa kamar sau 6 ko 7 cikin 10, sai a matsa gaba. Wannan adadi ma'aunin aiki ne kawai, malami na iya ɗaga shi ko ya sauke. Abin gudu shi ne a jira sai an samu 10 cikin 10, don a lokacin yawancin bugun ya zama bin sawu. Mataki na biyu shi ne karɓa-karɓa: gajere uku, mai ƙarfi uku, na sama uku, a sake zagayowa, daga baya a mayar da shi ɗaya-ɗaya. Sai mataki na uku, inda abokin atisaye zai riƙa kiran bugun da za a yi daidai lokacin da yake turo ƙwallo. A rubuta masa jerin a takarda tun kafin a fito, kowane iri sau 10, kada iri ɗaya ya zo fiye da sau biyu a jere. In aka bar shi ya kira da ka, zai yi ta kiran wanda ya fi masa sauƙin tarewa.

Ranar da aka fara cakuɗa maki zai faɗi, kuma yana da kyau a gaya wa ɗalibai haka tun da wuri don kada su karaya. Aikin malami shi ne ya bambance faɗuwa mai amfani da marar amfani. Idan bugun na nan da kamanninsa, ƙwallo ce kawai ke kauce wa ƙofa kaɗan, to a ci gaba. Idan kuwa yaro ya koma bugu da ɗan yatsa, ko yana yi wa duk ukun bugu iri ɗaya, nauyin ya yi masa yawa, sai a mayar da shi uku-uku. Aji mai ɗalibai 60 da ƙwallo uku yana da wata matsalar da ta riga wannan: wanda ya buga sau biyar kacal a darasi, ba jeri ne damuwarsa ba. Gara a fara neman ƙarin ƙwallaye a rage tsawon layi.

Malamin da ke son ya gani da idonsa zai iya raba aji gida biyu masu ƙarfi ɗaya, wannan ya yi kashi-kashi, wancan ya bi matakan nan uku, da yawan bugu daidai, har mako uku. Kada a yi jarrabawar a ƙarshen darasi na ƙarshe. A bari sai bayan kwana biyu ko fiye, a ɗumama jiki da gudu kawai ba tare da taɓa ƙwallo ba, sannan kowa ya yi bugu 15 a cakuɗe, kowane iri sau 5, a rubuta waɗanda suka shiga ƙofa. Sai a sauya nisan zuwa mita 15 da 25, waɗanda ba wanda ya yi atisaye a kansu, a sake ƙirgawa. Da ɗalibai 30 a kowane ɓangare, ratar bugu ɗaya cikin 15 na iya zama sa'a ce kawai, don haka sai an maimaita gwajin da wani aji kafin a sauya tsarin zango gaba ɗaya.