Yadda Ake Goge Zanen Yara a Bango Ba Tare da Ɓata Fenti Ba

Kafin a taɓa zanen da yaro ya yi, sai a fara sanin irin fentin da ke bangon. A jiƙa farin ƙyalle a goga a wata kusurwa da ido ba ya kai wa. Idan launin bangon ya bi ƙyallen, fentin ruwa ne mai rauni, kuma dirza zai ɗaye shi. Fentin mai, mai sheƙi, ya fi jure wanki.

Kalar da yara ke zane da ita kakin zuma ce ko makamancinsa haɗe da launi, shi ya sa ruwan sanyi ke zamewa a kanta kawai. Ɗumi ne ke sassauta ta. A zuba 'yan ɗigon sabulun wanke-wanke cikin kofi ɗaya na ruwan ɗumi, a matse soso mai laushi sosai, a riƙa shafawa daga gefen zanen zuwa tsakiya don kada ya bazu. In ya ƙi, a kwaɓa bakar hoda da ɗan ruwa a murza a hankali. Sosan ƙarfe kam, a bar shi a madafa.

In kuwa da maka aka yi zanen, mai wankuwa sabulu ya ishe ta. Wadda ba ta fita kuwa, sai da sifirit, amma sifirit na narkar da fentin ruwa. Don haka a ɗiga shi a auduga, a dangwala kan layin kaɗai, a canza audugar da zarar ta ɗau launi. Da an ga launin bangon a jikinta, a tsaya nan, a rufe ragowar da fenti iri ɗaya.