Baƙar Laka: Ƙasar da Ke Ɗaga Gida da Damina, Ta Sauke Shi da Rani

Wanda ya taɓa bin hanyar Dikwa zuwa Gamborun Ngala a watan Maris, ko ya ratsa filayen da ke kewaye da Numan, ya san irin ƙasar da nake nufi. Baƙa ce, ta bushe ƙamas, ta dare gida-gida kamar bayan kunkuru, wata tsagar ma sai ka zura hannunka har wuyan hannu ba ka taɓo ƙarshenta ba. Ka dawo wurin a watan Agusta ba za ka ga tsaga ko ɗaya ba. Ƙasar ta sha ruwa ta haɗe bakinta, ta zama taɓo mai danƙo wanda ke ƙwace wa mutum takalmi. Barebari suna kiranta firgi, Fulanin arewacin Kamaru suna ce mata karal, kuma a kanta ake dasa masakwa bayan ruwa ya janye. Turawa sun laƙaba mata sunan baƙar ƙasar auduga saboda audugar da ake nomawa a kanta a Indiya, ita ce kuma ƙasar Jazira ta Sudan. Manomi na son ta. Mai gini kuwa, in bai san halinta ba, sai ta sa shi kuka.

Abin da na fi so mai karatu ya riƙe shi ne wannan: gidan da ya tsage a kan baƙar laka, galibi ba nauyi ya yi wa ƙasar ba. Rashin nauyi ne ya cuce shi. Mun saba da tunanin cewa gini nutsewa yake yi idan ƙasa ba ta da ƙarfi, shi ya sa da an ga tsaga sai a ce birkila ya ci siminti, ko harsashin bai yi faɗi ba. A nan lissafin ya juya. A cikin wannan laka akwai wani ma'adini da masana ke kira montmorilonait, wanda ƙwayoyinsa falle-falle ne, siraran da ido ba ya gani. Ruwa yana kutsawa tsakanin fallayen ya buɗa su, sai ƙasar ta kumbura. Idan ruwan ya fita ta tsuke. Kumburin nan da ƙarfi yake zuwa, yana ture duk abin da ya tarar a kansa.

Mu ɗauka wani ya sayi fili a gefen Numan, zai yi gida mai ɗaki uku da falo, ba bene ba, da bulo mai inci 9 da rufin kwano. Magini ya haƙa harsashi yadda aka saba, zurfin ƙasa da mita 1, faɗin kamar santimita 68, ya zuba kankare. In ka haɗa nauyin bango da rufi da kankaren, kowace mita ɗaya ta tsawon bango ba za ta wuce tan 2 da wani abu ba. Idan aka raba wannan a kan faɗin harsashin, gidan yana danna ƙasa da kimanin tan 3 a kowace murabba'in mita. Ita kuwa baƙar laka mai ƙarfin kumburi, idan ta sha ruwa bayan ta bushe, tana iya turowa sama da ƙarfin tan 10, ko 20, ko fiye, a kan wannan murabba'in mitar. Wa zai rinjayi wani? Shi ya sa za ka ga katanga da baranda da ɗakin mai gadi sun riga babban gini lalacewa, bene mai hawa uku kuma yana tsaye lafiya kusa da ƙaramin ajin makaranta da ya dare.

Da a ce ƙasar za ta ɗaga gidan gaba ɗaya daidai wa daida, ta sauke shi haka, da babu wanda zai damu. Matsalar ita ce ba ta jiƙa lokaci ɗaya. A daminar farko ruwa yana sauka daga kwano ya jiƙa gindin bango, tsakiyar gida kuwa a bushe take a ƙarƙashin daɓe, sai gefuna su ɗaga. Bayan wasu shekaru abin ya sauya. Daɓen ya hana danshi fita, sai ya taru a tsakiya, tsakiyar ta yi tozo, gefuna kuma su riƙa bushewa da rani suna sauka. A wannan hali kusurwoyin gida ne ke rasa abin dogaro. Tsagar takan taso daga kusurwar taga ko ƙofa, ta bi layin bulo kamar matakala, ta fi faɗi a sama. Ƙofar da ke rufuwa lafiya da hunturu sai ta ƙi da damina. Tayil ya ɗago a tsakiyar falo. Babbar shaida kuwa ita ce tsagar da ke buɗewa da rani ta matse da damina: wannan aikin laka ne, ba ƙarancin siminti ba.

Kafin a sa diga a ƙasa, a je a ga filin da rani, ba lokacin da ciyawa ta rufe shi ba. A haƙa rami mai zurfin mita 2 ko 3 a wurare biyu ko uku, a duba inda baƙar ƙasar ta ƙare. A fasa ɗan curi daga ciki: idan aka ga fuskoki masu santsi da sheƙi kamar an goge su, alama ce ƙasar ta daɗe tana gugar kanta. A jiƙa kaɗan a murza a tafin hannu, za ta yi dogon zare ba ta karye ba. Akwai kuma gwaji mai sauƙi da ake yi a ɗakin gwajin ƙasa: a busar da ita, a tankaɗe, a auni mililita 10 a zuba a kwalbar awo mai ruwa, a bar ta kwana ɗaya. In ta kai 15, a yi hattara. In ta kai 20, wato ta ninka kanta, to harsashin da aka saba ba zai yi ba. Sassan koyar da injiniyan gine-gine na jami'o'inmu suna yin irin wannan gwaji da waɗanda suka fi shi zurfi, kuma kuɗinsa bai kai na tirelar bulo ba. Yana ba ni takaici in ga mutum ya kashe miliyoyi a kan tayil da silin, amma ya ga gwajin ƙasa ɓarnar kuɗi ne.

Abin da ramin ya nuna shi zai zaɓi magani. Idan baƙar lakar ba ta wuce mita 1 zuwa 1.5 ba, a ƙarƙashinta kuma akwai tsakuwa ko ƙasa mai ƙarfi, an huta: a kwashe ta, a kafa harsashi a kan ta ƙasan. Amma a kwashe har ta ƙarƙashin daɓe, domin nan ne ake yawan yin kuskure, a gyara gindin bango a bar laka a tsakar ɗaki. Cikon a yi shi da jar ƙasa mai tsakuwa, a zuba kaurin santimita 15, a yayyafa ruwa, a daddaɓe da inji, sannan a ƙara wani. Kada a mayar da baƙar da aka tono. Ina kuma jan kunne a kan cika rami da yashi zalla ba tare da hanyar fitar ruwa ba. Yashi a tsakiyar laka kwatarniya ce: ruwa zai shiga da sauƙi ya rasa mafita, ya zauna yana shayar da lakar da ake gudu.

Inda lakar ta yi zurfi, kamar filayen tafkin Chadi, kwashewa ba ta taso ba. Sai a tuna cewa sauyin damina da rani ba ya kaiwa can ƙasa. Daga sama zuwa kimanin mita 2 ko 3 ne ƙasar ke numfashi, ƙasa da nan danshinta kusan ɗaya ne duk shekara. Dabara ta farko ita ce a wuce wannan sashe. Injiniyoyin Indiya, waɗanda suka daɗe suna fama da ita, sun yaɗa wani irin turke na kankare da rodi: a huda rami siriri zuwa mita 3 ko 3.5, a buɗa gindinsa ya yi kamar tulu, faɗinsa ya ninka na jikin turken sau biyu da rabi. Tulun nan shi ne anga. Idan lakar sama ta kumbura ta kama turken za ta tuge shi, gindin ya riƙe, rodin da ke ciki kuma ya hana shi tsinkewa. A kan turakun ake ɗora bim ɗin da zai ɗauki bango, kuma dole a bar sarari na santimita 8 zuwa 10 tsakanin bim da ƙasa, don laka ta sami inda za ta kumbura ba ta taɓa shi ba. Magini da bai gane dalili ba yakan ga sararin nan kamar aibi ne ya cike shi, ya rushe dabarar duka.

Dabara ta biyu ita ce a bar gidan ya yi iyo. A zuba faifan kankare guda mai rodi, da bima-bimai masu zurfi a ƙarƙashinsa sun gitta juna, yadda ko ƙasa ta ɗaga gefe ɗaya, gidan zai ɗan karkata gaba ɗayansa ba zai karye ba. Wannan ba shi ne jaman fulo da aka saba zubawa ba rodi ba. Kaurinsa da yawan rodinsa lissafin injiniya ne. Ko wacce aka zaɓa, a ɗaure linta ta zagaye ginin duka, a raba dogon gini gida biyu da tsaga ta gangan, kada kuma a haɗe katanga ko baranda da jikin gida. Masu aikin hanya sukan gauraya lakar da farar ƙasa, kashi 4 zuwa 6 cikin ɗari, don kashe mata kumburi, amma wannan sai da injin gauraya, kuma saman ƙasa kawai yake gyarawa.

Sauran aikin na mai gida ne, kuma duk a kan ruwa yake. A zagaye gidan da daɓen kankare mai faɗin mita 1.5 ko fiye, mai gangara zuwa waje. A sa wa kwano indararo, a kai ruwan nesa. Sokawe da wurin wanki da wurin alwala su yi nisa da bango, bututun da ke ɗiga a gyara shi ranar da aka gani, domin famfo ɗaya mai yoyo ya isa ya ɗaga kusurwar ɗaki. Fulawar da ake dasawa a gindin bango ana ba ta ruwa kullum, ita ma haka. Bishiya kuwa akasin haka take yi. Darbejiya da turare suna zuƙe danshi da rani, ƙasar ta tsuke a gefensu, bango ya bi ta. Na san inuwa ba abin wasa ba ce a zafin Borno ko Adamawa, amma a ba bishiyar tazara daidai tsawon da za ta kai idan ta girma. In kuma tsohuwa ce aka tarar a filin aka sare, kada a hau gini nan take, domin ƙasar da ta daɗe tana shanyewa za ta ɗauki shekaru tana kumbura.

Wanda gidansa ya riga ya tsage, kada ya yi gaggawar kiran mai filasta. Tsagar da aka cusa wa siminti da rani, idan damina ta zo ta nemi rufewa ta rasa wuri, sai ta ɓalle a wani gefen. Ya sami fensir ya ja layi biyu, ɗaya a kowane gefen tsagar, ya auna tsakaninsu da rula ya rubuta kwanan wata a jikin bangon. Ya maimaita duk wata har shekara ta zagayo, yana gyara magudanar ruwa da bututu a tsakanin nan. Lambobin da ke jikin bangon su zai nuna wa injiniya, su ne za su faɗa ko gyaran ruwa ya wadatar, ko sai an shiga ƙarƙashin harsashin an tallafe shi.