Awon ƙasa da tauraron ɗan'adam: yadda ake kafa tashar tushe

Wayar hannu kan nuna inda mutum yake da kuskuren mita uku zuwa biyar. Wannan ya isa a gane hanya, amma bai isa a raba filaye ko a daidaita gangaren magudanar ruwa ba. Kuskuren yana tasowa ne saboda siginar tana ratso kusan kilomita 20,000 daga tauraron ɗan'adam, sassan sararin sama suna jinkirta ta, agogon tauraron da hanyar da yake bi kuma ba su rasa ɗan saɓani.

Dabarar da ake kira RTK tana magance wannan da na'urori biyu. Ɗaya tana zaune a wurin da aka riga aka san lambobinsa, ita ce tashar tushe, a allo ana rubuta ta Base. Ɗayar kuwa, wato Rover, mai awo ne ke yawo da ita a kan sanda. Da yake suna kusa da juna, kuskuren da ya sami ɗaya kusan shi ne ya sami ɗayar. Kowace daƙiƙa tashar tushe tana aika abin da ta auna, mai yawon ta haɗa da nata, kuskuren ya soke kansa.

Aiki yana farawa da zaɓen wuri. Ana son fili buɗaɗɗe, nesa da dogayen gine-gine, rufin kwano da manyan itatuwa, domin sigina kan bugi irin waɗannan ta dawo wa eriya a makare. Ana kafa madogara mai ƙafa uku daidai kan alamar dutsen safiyo, a taka ƙafafun su shiga ƙasa, a daidaita ruwan awo. Sannan a auna tsayin eriya daga alamar, a maimaita awon, a lura ko na'urar tana neman tsayin miƙe ne ko na karkace.

Mataki mafi nauyi shi ne shigar da lambobin tashar, domin mai yawon tana auna tazarar da ke tsakaninta da tashar ne kawai. A ɗauka an bar tashar ta ƙiyasta matsayinta da kanta, ƙiyasin ya kauce mita 1.5 zuwa gabas. Kusurwoyin filin da aka auna za su dace da juna, faɗinsa ma ya fito daidai, amma filin gaba ɗaya zai matsa mita 1.5 a taswira, ya hau kan na maƙwabci. Haka idan tsayin eriyar tashar mita 1.650 ne aka rubuta 1.560, duk tsayin da aka auna a ranar zai yi ƙasa da santimita 9, allo kuma ba zai yi gargaɗi ba. A Nijeriya akwai ƙarin abin lura: tsofaffin duwatsun safiyo da yawa suna kan ma'aunin Minna, GPS kuwa yana aiki da WGS 84. Cakuɗa su yana kawo bambancin gomman mitoci.

Gyaran yana tafiya a tsarin RTCM, ta ɗaya daga hanyoyi biyu. Rediyon UHF ba ya buƙatar layin waya, sai dai tudu da gine-gine suna rage zangonsa, kuma dole mitar rediyon da tsarin aikawa su zo ɗaya a na'urorin biyu. Hanya ta biyu ita ce intanet ta NTRIP, inda ake shigar da adireshin sabar, lambar ƙofa, galibi 2101, da sunan tashar.

Allon mai yawon yana nuna matakai uku. Single na nufin gyara bai iso ba. Float na nufin ya iso, amma na'urar ba ta gama ƙidaya cikakkun zangunan siginar ba, waɗanda a L1 kowanne santimita 19 ne, don haka kuskure na iya kai rabin mita. Fix ne kaɗai matakin da ake ɗaukar awo a kansa. Idan Float ta ƙi wucewa, ana duba shekarun gyaran a allo, wato daƙiƙoƙin da suka shige tun isowar saƙon ƙarshe. In adadin yana ta hawa, sadarwa ce ta yanke.

Nisa ma yana da iyaka. Masu ƙera na'urorin kan ba da daidaiton milimita 8, da ƙarin milimita ɗaya a kowace kilomita. A kilomita 10 ke nan kuskuren kwance ya kai milimita 18, na tsayi kuwa ya fi haka. A ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya, ciki har da Nijeriya da Nijar, saman sararin sama kan hargitse bayan faɗuwar rana har Fix ya riƙa ɓacewa, shi ya sa awon safe ya fi kwanciyar hankali.

Fix ɗin ƙarya ma yana faruwa, musamman a gindin itace ko jikin bango. Saboda haka kafin fara aiki ana ɗora sandar a kan wani dutsen safiyo da aka san lambobinsa, a sake komawa kansa bayan an gama. Idan bambancin bai wuce santimita biyu zuwa uku ba, awon ranar ya karɓu. Idan ya wuce, ana sake bin lambobin tashar, tsayin eriya da ma'aunin da aka zaɓa kafin a miƙa sakamako.